Na biya kujerar Hajji, amma shagona ba ya tafiya sai ina zaune

Assalamu alaikum. Ina da shagon sarin kayan masarufi a babbar kasuwar Sakkwato, da sito a bayansa: shinkafa, sukari, fulawa, taliya, man girki da sabulu. Shekara 14 ke nan ni ke buɗewa, ni ke rufewa. Yarana huɗu ne. Babbansu ya shekara tara tare da ni, ba mu haɗa jini ba, amma ya san kaya ya san masu saye. Akwai kuma ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, shekararsa biyu a shagon. Ya yi boko, yana da saurin lissafi, sai dai ba shi da haƙuri da mutane. Bara na yi kwana huɗu a Kano, na dawo na tarar da giɓin kusan naira 300,000. Kowa ya rantse ba shi ba ne, ni ma na kasa gane inda kuɗin ya bi. Tun daga nan ko ɗaurin aure na je waya na kunnena. Bana Allah ya nufa na biya kujerar Hajji, saura wata biyar a tashi. Inna ta ce ƙanena zan bar wa makulli, ni kuma hankalina ya fi kwanciya da babban yaron. Wa zan bar wa shagon, kuma yaya zan yi in tafi ba tare da na dawo na tarar da kango ba?

Wani ɗan kasuwa, Sakkwato

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kai mu lokacin, ya sa a yi karɓaɓɓiya. Fargabar da kake ciki tana da tushe, kuma wata biyar sun isa a gyara, muddin aka fara a makon nan.

Kafin mu zo kan wanda zai riƙe makulli, akwai abin da ya kamata ka duba. Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne kai kanka ka kasa gane inda kuɗin ya bi. Wannan na nuna cewa farashi, da bashin da ke kan mutane, da yawan kayan da ke sito, duk a cikin kanka suke. Idan kana zaune ido da ƙwaƙwalwarka ne ke yin aikin littafi, ranar da ka tashi kuwa sai shagon ya zama ba shi da littafi ko ɗaya. A irin wannan hali kuɗi kan salwanta ko da kowa mai gaskiya ne. Wani ya ba tsohon abokin ciniki buhu biyu bashi bai rubuta ba saboda ya saba kai ke riƙewa, wani ya yarda da alat ɗin da kuɗinsa bai shigo ba, an aiko daga gida an ɗauki jarkar mai. Sata ma tana yiwuwa. Amma tunda babu hanyar tantancewa, zargin ya hau kansu duka har yau, kuma aƙalla wasu daga cikinsu zaluntarsu aka yi. Rubutun da zan ba ka shawara a kai zai kare dukiyarka, zai kuma wanke mai gaskiya.

Shawarata kan tambayarka ita ce kada ka bar wa mutum ɗaya komai, ko ƙanenka ko babban yaron. Ka raba aikin gida uku, ta yadda mai karɓar kuɗi ba ya fitar da kaya, mai fitar da kaya kuma ba ya taɓa kuɗi. Babban yaron ya zama mai ciniki: shi ke magana da masu saye, shi ke yanke farashi a cikin iyakar da ka ba shi, shi ke rubuta rasit, kuma maganarsa ce ta ƙarshe a shago idan ba ka nan. Ƙanenka ya riƙe kuɗi da littafi, aljihun tebur da na'urar POS da wayar shago duk a hannunsa. Ɗaya daga cikin ƙananan yaran, wanda ya fi natsuwa kuma ya iya rubutu, ya riƙe ƙofar sito. Ka sayi littafin rasit mai lamba a jere, mai shafi uku da takardar kabon. Mai ciniki ya rubuta, mai saye ya kai wa ƙanenka ya biya, ƙanenka ya buga hatimin "an biya" ko ya rubuta "bashi" ya sa hannu, sannan a kai shafi ɗaya ga mai sito. Ba buhun da zai fita sai da wannan shafin, ko da kai ne ka ce a fitar. Shafi na biyu na mai saye ne, na uku ya zauna a jikin littafin. Idan an yi kuskure a rasit, a ja layi a kansa a bar shi a wurinsa, kada a yage, domin lambar da ta ɓace daga jeri ita ce alamar farko da za ka nema. Sito kuma a sa masa kwaɗo biyu, makulli ɗaya wurin babban yaron, ɗaya wurin ƙanenka, ba a buɗewa ko rufewa sai su biyun suna tsaye.

Ka ga da wannan rabo ba ka saɓa wa Inna ba. Ka same ta da ladabi ka ce mata kuɗin shagon gaba ɗaya a hannun ɗanta ka bar shi, ciniki kuma ka bar wa wanda mutanen Gwadabawa da Wurno da Illela suka saba da fuskarsa. Damuwarta ita ce kada a mayar da ɗanta bare a dukiyar wansa, kuma damuwa ce ta uwa, a girmama ta. Ka ƙara faɗa mata gaskiyar da za ta fahimta: idan aka ɗora wa ƙanenka komai aka samu giɓi, zumuncinku ne zai fara taɓuwa, kuma ita za ta fi kowa jin zafin.

Yanzu ga abin da zai zama idonka alhali kana nesa, wato lissafin rufe shago. Ana yin sa kullum, minti talatin kafin a rufe, kuma ɓangare biyu ne. Na farko kuɗi. Bari in ba ka misali da adadin da na ɗauka don bayani kawai. A ce rasit ɗin ranar gaba ɗaya sun kama naira 1,450,000. A ciki an biya 820,000 ta taransifa da POS, an ba da bashin 180,000. Abin da ya rage, 450,000, shi ne tsabar kuɗin cinikin ranar. A ƙara 95,000 da wani ya kawo na tsohon bashi a hannu, da 20,000 na canjin da aka kwana da shi, ya zama 565,000. A cire 17,500 da aka kashe kan 'yan dako da abincin rana da man janareta, kowanne da layinsa a littafi. Ke nan dole a ƙirga 547,500 a aljihun tebur. Ƙanenka ya ƙirga a gaban babban yaron, su biyun su sa hannu. Ita ma 820,000 ɗin a bi ta ɗaya bayan ɗaya a cikin manhajar banki da takardar da na'urar ta fitar. Saƙon waya ko hoton da mai saye ya nuna ba shaida ba ne, sai an ga kuɗin ya zauna a asusun shago kafin kaya su fita. Kuma ka kafa doka mai ƙarfi cewa babu yaron da zai ba mai saye lambar asusunsa na kansa, ko da sabis ya ɗauke. Yawancin rikicin taransifa daga nan yake farawa, sau da yawa ma da kyakkyawar niyya.

Ɓangare na biyu kaya ne. Ba za a iya ƙirga duk sito kullum ba, ba kuma a buƙatar haka. Ka zaɓi kaya biyar ko shida da suka fi cin jarinka, shinkafa da sukari da fulawa da jarkar mai mai lita 25 da katan ɗin taliya, su ake ƙirgawa kowace yamma. Idan an wayi gari da buhun shinkafa 40, ba a sauke sabo ba, rasit ya nuna an sayar da 12, to 28 za a gani. Idan 27 aka gani, a ranar za a nemi ɗayan, lokacin da kowa yana tuna wanda ya zo da wanda ya ɗauka. Giɓin kwana ɗaya yana da sauƙin bi, na kwana huɗu kuwa ka riga ka ga yadda yake. Don ƙirgar ta yi sauri, a jera buhuna goma goma a kan katako, kowane iri a layinsa, tsohon kaya a gaba don ya fara fita. Sauran ƙananan kaya a raba su, kowane mako a ƙirga wani sashe, yadda a wata ɗaya za a zagaye sito duka. Buhun da ya yage, da fulawar da ta yi ƙwari, da jarkar da ke yoyo, a ware su gefe a rubuta su a ranar, don kada su koma giɓin da ba a san asalinsa ba.

Akwai wani littafi da masu shago ke ƙin buɗewa, shi ne na gida. Duk abin da kai ka ɗauka, ko kuɗin cefane ne, ko buhun da za a kai wa Inna, ko taimakon da ka yi wa maƙwabci, ya bi ta rasit kamar na kowa, a rubuta "gida". Idan maigida yana zura hannu a aljihun tebur ba ya rubutawa, lissafin yamma ba zai taɓa daidaita ba, yara kuma za su koyi cewa dokar ta takarda ce kawai. Kafin ka tafi ka yanke abin da za a riƙa kai wa iyalinka da Inna kowane mako, ka faɗa musu da bakinka, don kada uwargida ta aiko yaro a mayar da shi hannu wofi a zo ana jin haushin babban yaron.

Sai hukunce-hukuncen da kai kaɗai ke yankewa, waɗanda su ne ke sa wayarka ba ta hutawa. Ka sa ƙaramin littafi a aljihu na tsawon mako biyu, duk lokacin da yaro ya tambaye ka wani abu ka rubuta tambayar. Za ka tarar kusan duka suna komawa ga abu uku: nawa za a rage, wa za a ba bashi, yaushe za a sayo kaya. Kowanne ana iya mayar da shi doka a takarda.

Farashi ya zama biyu ga kowane kaya, na faɗa da na ƙarshe. A ce buhun sukari ya kama 68,000 a Kasuwar Singa ta Kano, mota da dako sun ci 1,500, ya iso maka a 69,500. Ka ce a faɗi 72,500, babban yaron na da ikon sauka har 71,000 ba tare da ya kira ka ba, ƙasa da haka babu. Abin lura shi ne a riƙa gina wannan lissafi kan kuɗin da za a sake sayo kayan yau. Idan Kano ta ƙara dubu uku kai kuma kana sayarwa da tsohon farashi, za ka ga riba a littafi amma kuɗin hannunka ba zai mayar da buhunan da suka fita ba. Don haka babban yaron ya riƙa kiran dilolinku sau biyu a mako, a gyara takardar farashi a rubuta ranar.

Bashi ya fi komai haɗari, saboda kunya ke ba da shi. Ka zauna ka rubuta sunan duk wanda ka yarda a ba, da iyakar kuɗin kowa, da kwanakin biyansa. Mai shagon da ke zuwa daga Illela, misali, iyakarsa 250,000, ya biya bayan kasuwar Lahadi. Ba a ɗora sabo sai tsohon ya sauka ƙasa da iyaka, kuma wanda ba ya cikin jerin ba a buɗe masa shafi sai ka dawo. Wannan takarda garkuwa ce ga yaran: idan dattijo ya matsa, sai su ce dokar maigida ce, ba su da ikon taɓawa. Wanda ya ji nauyin a ce ya sa hannu, a tuna masa cikin ladabi cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umurni ce da rubuta bashi. Gara ma kai da kanka ka sanar da manyan abokan cinikinka wannan tsari tun kana nan, ka gabatar musu da babban yaron a matsayin wakilinka, ka kuma sanar da shugabannin layinku a kasuwa.

Sayo kaya shi ma lissafi ne. Idan kuna sayar da buhun sukari 12 a rana, kuma daga yin oda zuwa saukar mota kwana huɗu ne, ka ƙara kwana biyu saboda lalacewar mota ko matsalar hanya. Kwana shida sau 12 ya zama 72. Ranar da ƙirgar yamma ta nuna sukari ya sauko 72, washegari a yi oda. A rubuta wannan adadi a bango saman kowane layi. Gab da azumi, da cinikin sukari ke tashi, a sake lissafin da sabon adadin da ke fita a rana. Biyan diloli kuwa a taƙaita shi ga lambobin asusun da kai ka rubuta da hannunka. Duk wanda ya kira ya ce an canza asusu, a dakata har an tabbatar ta lambar dilan da aka sani. Ka je bankinka tun yanzu ka tambayi yadda ƙanenka zai iya biya daga asusun shago da iyakar da ka sa, kuma ka gwada layin da saƙon banki ke shigowa, ka san ko zai yi aiki a Saudiyya. Kuɗin da ya wuce bukatar juya kaya ka mayar da shi wani asusu da kai kaɗai ke taɓawa.

Kada ranar tashin jirgi ta zama ranar farko da aka gwada tsarin. Wannan watan na rubutu ne da ƙirgar sito gaba ɗaya, a san jarin da aka fara da shi. A Rajab ka zauna a shago amma ka kame bakinka. Idan mai saye ya tsallake babban yaron ya zo wurinka, ka gaisa da shi ka mayar da shi can. Wannan shi ne mataki mafi wuya, kuma a nan yawancin masu shago ke rushe abin da suka gina: sau ɗaya ka soke hukuncin wakilinka a gaban mutane, kowa zai koma jiran ka. Idan ya yi kuskure, a gyara bayan an rufe, ku biyu. A Sha'aban ka fara tafiya, rabin yini, sai yini guda, sai kwana uku. Azumi ka kasance kusa saboda cunkoso, amma su ke gudanarwa. A Shawwal ka yi mako guda cur ba ka taka kasuwa ba. Kowane dare a turo maka hoton shafi ɗaya ta WhatsApp: jimillar ciniki, tsabar kuɗi, abin da ya shiga banki, bashin da aka bayar da wanda aka karɓo, da ƙirgar manyan kayan nan. Idan ka dawo daga kowace tafiya ka zaɓi kaya biyu ba tare da sanarwa ba ka ƙirga da kanka. Idan mako uku a jere lissafi yana daidaita, kuma kiran waya ya ragu zuwa abin da takarda ba ta ambata ba, tsarin ya kama. Idan kuma ka ga bashi yana hawa alhali ciniki bai ƙaru ba, ko kuɗin kashewa na kumbura a hankali, ko ana jinkirta turo shafin dare, nan za ka tsaya ka bincika kafin ka ƙara tsawon tafiya.

Ka kuma faɗa musu tun farko yadda za a yi da giɓi. Ɗan abin da bai kai dubu biyu ba na kuskuren canji a rubuta shi a wuce. Babba kuwa a bi rasit da banki da sito kafin a ambaci sunan kowa. A shari'a wakili amintacce ne, ba a ɗora masa asarar da ba ta sakacinsa ko ƙetare iyakarsa ba ce, kuma yanzu da iyakar take a rubuce za a iya sanin wanda ya ƙetare. Yaron da ya san za a cire masa kuɗi kan kowane kuskure, ɓoye kuskuren zai koya.

Ina so ka yi tunani a kan babban yaron nan da kyau. Mutumin da ya yi shekara tara a ƙarƙashinka yana lissafin ranar sallamarsa ko bai faɗa ba, kuma nauyin da za ka ɗora masa ya fi na da. Ka zauna da shi ka yi masa magana a fili kan abin da zai samu da lokacin da kake nufin sallamarsa. Idan za ka ba shi kaso, ka ɗaura shi kan ribar wata bayan an cire bashin da ya wuce wa'adi. Kason da aka ɗaura kan yawan ciniki yana tura mutum ga rage farashi da sakin bashi. Shi ma ƙanenka a yanka masa albashi sananne, domin ɗan'uwan da ba a biya shi yakan ga kamar yana da haƙƙi a aljihun tebur. A rubuta yarjejeniyar a gaban shaidu biyu, kuma idan ta ƙunshi rabon riba ka nuna wa malami ya duba sharuɗɗanta.

Mai yiwuwa gwajin Sha'aban ya nuna su biyun ba sa jituwa. Idan haka ta faru, ka nemi wani dattijo maƙwabcinka a kasuwa wanda dukansu ke jin nauyinsa, ya riƙa leƙowa ranar Alhamis yana duba littafi yana raba gardama. Idan hakan ma bai yi ba, ka rage shagon na tsawon tafiyar: a tsayar da sabon bashi gaba ɗaya, a taƙaita ga kayan da ke saurin fita, a rage jarin da ke sito. Za ka rasa wani ɓangare na cinikin Babbar Salla, amma uwar kuɗinka tana nan.

A can kuma ka sa wa kanka lokaci ɗaya na duba shafin dare. Agogon Saudiyya yana gaban namu da awa biyu, don haka idan sun rufe ƙarfe shida na yamma, wajen ƙarfe takwas za ka gan shi. Daga 8 zuwa 13 ga Zulhijja, kwanakin Mina da Arfa, ka gaya musu ba za a same ka ba, duk abin da ya taso wanda takarda ba ta ambata ba a kai wa dattijon nan, abin da ya yanke shi ne naka.